Takardar tura mai cutar waswasi wajen likitan ƙwaƙwalwa: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin marasa lafiya, da iyalansu, da ƙananan likitocin da ke rubuta takardar. Misalin da muka riƙe shi ne waswasin tsarki da alwala, domin shi aka fi kawowa asibitocinmu, amma ƙa'idar ɗaya ce ga mai yawan duba ƙofa ko mai wanke hannu har fata ta tsage.

1. Wace takarda ce wannan, kuma me zai hana mutum ya tafi kai tsaye?

Wasiƙa ce daga likitan da ya saba duba mutum, na asibitin unguwa ko na babban asibiti, zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa. Tana faɗin wane ne mara lafiyar, me ke damunsa, me aka riga aka yi masa, da kuma abin da ake nema a yi masa yanzu. A Najeriya da Turanci ake rubuta ta, a Nijar da Faransanci, kuma ba ta cika wuce shafi ɗaya ba.

Ana iya zuwa babu ita a wasu wurare. Asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, na Maiduguri, da na Dawanau a Kano sun saba ganin mutanen da suka zo da ƙafarsu. Asibitocin koyarwa kamar na Malam Aminu Kano ko na Shika sun fi son a zo da takarda, haka ma mai inshorar lafiya yakan buƙace ta kafin a biya masa. Amma amfaninta ya wuce buɗe ƙofa. Mai waswasi yakan ɓoye rabin abin da ke damunsa a zaman farko saboda kunya, kuma da wuya ya tuna yawan maganin da ya sha wata biyar baya. Likitan da ya san shi shekara da shekaru ne ke da wannan labarin.

2. Kowa yakan yi shakka a alwala. Wane waswasi ne ya kai a tura mutum?

Cutar da likitoci ke kira OCD a taƙaice tana da ɓangare biyu. Akwai tunanin da ke kutsowa ba a gayyace shi ba, yana dawowa, yana ɗaga hankali: "ɗigon fitsari ya taɓa wandona", "ban yi niyya daidai ba". Sannan akwai abin da mutum ke yi don ya sami sauƙi: ya sake wanka, ya sake kabbara, ya tambayi matarsa ko ta ga ya wanke ƙafa. Sauƙin ba ya daɗewa, shakkar ta dawo, a sake. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne abin ya ci fiye da awa 1 a rana, ko ya hana aiki, karatu ko zaman gida.

Ba duk mai wannan cuta ake turawa ba. Likitan gida zai iya fara magani da kansa. Ana turawa idan an sha magani yadda ya kamata bai yi aiki ba, ko abin yana ƙaruwa duk da magani, ko mutum ya daina fita aiki, ko baƙin ciki mai tsanani ya shigo, ko likita bai tabbata waswasi ne kaɗai ba. Ana kuma tura yaro, da mai ciki, da maijego tun da wuri. Abin da ke sa a tura a ranar yana tambaya ta 7.

3. Me ya kamata takardar ta ƙunsa?

A sama akwai suna, shekaru, lambar kati, lambar waya, da wanda za a kira idan ba a sami mara lafiyar ba. Jimlar farko ta faɗi dalilin turawa da saurin da ake buƙata, domin wanda ke rarraba takardu a asibiti sau da yawa layi biyun farko kawai yake karantawa kafin ya ba da rana. Daga nan sai labarin: yaushe ya fara, yaushe ya tsananta, me ya faru a lokacin. Haihuwa, rasuwa, jarrabawa, canjin wurin aiki da daina shan magani su ne abubuwan da aka saba gani kafin tsanantar.

Bayan haka a rubuta tunanin daban, aikin daban, da kalmomin mara lafiyar idan zai yiwu. "Yana da waswasi" ba ta gaya wa kowa komai ba. "Yana tsoron ragowar fitsari, yana zama a banɗaki minti 40 kafin kowace sallah, yana ƙarar da buta 4 zuwa 5" ta nuna mutumin. A faɗi ko ya san tsoron ya wuce kima, ko kuwa ya gaskata shi ɗari bisa ɗari. A kawo tarihin magani (tambaya ta 5), sauran cututtuka, abin da yake sha na maye idan akwai, da ko wani a danginsa ya taɓa irin wannan. A rubuta abin da aka tambaya game da haɗari ko da amsar "a'a" ce, domin idan takarda ta yi shiru a nan, mai karatu ba zai san ko an tambaya ba ko an manta.

A ƙarshe sai buƙata, a fili. Takardar da ta ƙare da "a duba a kula" ita ce mafi rauni, kuma ita aka fi rubutawa. Gara a ce ana so a tabbatar da cutar, ko a ba da shawara kan ƙara magani ko canza shi, ko a haɗa shi da mai koyar da jure waswasi, wato mai horar da shi ya zauna da shakkar ba tare da ya maimaita aikin ba.

4. Ta yaya ake nuna cewa abin "yana ƙaruwa"?

Da awoyi da abin da aka rasa. A kwatanta lokaci biyu: wata shida baya alwala tana cin minti 10, yanzu minti 30; da yana samun jam'i, yanzu azahar tana haɗe masa da la'asar; da yana zuwa aiki kullum, yanzu ya yi fashin kwana 9 a wata. Abin da jiki ya nuna ma hujja ne, kamar tsagewar fatar hannu, fari da laushin tsakanin yatsun ƙafa saboda yawan ruwa, ko raguwar nauyi ga wanda ya rage ci da sha don gudun shiga banɗaki.

Idan likita ya iya, sai ya sa makin Y-BOCS, ma'aunin tsananin waswasi. Tambayoyi 10 ne, 5 kan tunani, 5 kan maimaita aiki, kowace daga 0 zuwa 4, jimla 40. Daga 8 zuwa 15 mai sauƙi ne, 16 zuwa 23 matsakaici, 24 zuwa 31 mai tsanani, 32 zuwa 40 mafi tsanani. Maki ɗaya bai kai maki biyu masu kwanan wata amfani ba. Rashin makin kuma ba ya hana turawa. Awoyin sun isa.

5. Me ya sa ake matsa wa a rubuta yawan magani da makonnin da aka sha?

Domin a nan ne yawancin takardu ke ɓata wa likitan ƙwaƙwalwa lissafi. Magungunan da ake ba mai waswasi su ne waɗanda ake ba mai ciwon baƙin ciki, irin su fulokzetin da satralin, amma waswasi ya fi buƙatar mai yawa kuma ya fi jinkirin amsawa. Fulokzetin ana farawa da miligiram 20, ga waswasi yakan kai 40 zuwa 60. Satralin ana farawa da 50, yakan kai 200. Ba a cewa magani ya gaza sai an sha shi mako 8 zuwa 12, daga ciki aƙalla mako 4 zuwa 6 a kan mafi yawan abin da jiki zai iya ɗauka. Wanda ya sha miligiram 20 na mako 3 ya ajiye, ba a gwada masa maganin ba tukuna. Idan takarda ta ce "ya sha fulokzetin bai yi ba" kawai, ana iya tsallake maganin da da zai yi masa aiki.

Saboda haka kowane magani a rubuta sunansa, yawansa, ranar farawa, ranar ƙarawa, ranar dainawa da dalili. Dalilin yana da muhimmanci: kuɗi ne suka ƙare, ko tashin zuciya, ko rashin barci, ko raguwar sha'awar iyali (wannan maza ba sa faɗa sai an tambaye su), ko wani ne a gida ya ce maganin mahaukata ne. Kowanne da maganinsa daban. A kuma tambaya ko yana sha kullum. Wasu masu waswasi shakkar ta kan koma kan ƙwayar kanta, su kasa tabbatar ko sun sha, su ƙara ko su fasa.

Abubuwa uku kada su kuskure. Na farko taramol: haɗa shi da waɗannan magunguna yana iya kawo farfaɗiya, ko zazzaɓi da rawar jiki da ruɗewa, kuma mutum ba ya lissafa shi cikin magungunansa idan a kemis ya saya. Na biyu, ko mutum ya taɓa yin kwanaki ba ya barci kuma ba ya gajiya, yana surutu da kashe kuɗi ba lissafi, domin maganin waswasin yana iya tayar da wannan. Na uku, ko yana shan kulozafin ko olanzafin, magungunan taɓin hankali da kan jawo alamun waswasi ga wasu.

6. Tunanin da ke zuwa mini na saɓo ne ko na batsa. Dole a rubuta shi?

Ba sai an rubuta kalma da kalma ba. Ya isa a ce "tunanin ɓatanci ga addini da ke kutso masa a cikin sallah, yana ƙinsa, yana kuka a kansa", ko "tunanin cutar da wani da bai taɓa son aikatawa ba". Nau'in tunanin da yadda mutum ke ji game da shi su ne likitan ƙwaƙwalwa ke buƙata. Irin waɗannan tunane-tunane sanannu ne a wannan cuta, kuma sun fi kama abin da mutum ya fi girmamawa.

Kana da damar ka ce a karanta maka takardar kafin a rufe ta, ka kuma nemi a sassauta wata jimla. A mafi yawan asibitocinmu kai ne za ka ɗauke ta da hannunka, to ka sa a manne ambulan, kuma kada ka ba wani ya kai maka sai wanda ka yarda ya sani. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi kare sirrin mara lafiya. Abin da likita ba zai cire ba shi ne haɗari na gaske ga ranka ko ran wani.

7. Yaushe ne ba a jiran ranar asibiti?

Idan mutum yana tunanin kashe kansa kuma ya fara shiri ko ya tanadi abin yi. Idan ya daina ci da sha. Idan yana jin muryoyi daga waje ko ya gaskata cewa wani ne ke dasa masa tunani. Idan ya ruɗe bai san inda yake ba. A nan takarda kaɗai ba ta isa ba. Likita ya kira asibitin, a rubuta "gaggawa" a sama, wani babba ya raka shi a ranar, a kwashe magunguna da fiya-fiya daga ɗakinsa.

Akwai wasu biyu da ba na ranar ba ne amma suna son sauri. Waswasin da ya fara karon farko bayan shekara 50, musamman da mantuwa ko canjin hali, yana sa a binciki ƙwaƙwalwar kanta, domin cutar ta saba farawa ne a ƙuruciya ko farkon girma. Haka yaron da abin ya faɗo masa cikin kwana biyu bayan ciwon maƙogwaro, tare da fizgar jiki. Shi likitan yara ma ya gan shi.

8. Maijego ta ce tana ganin kamar za ta yar da jaririnta. Wannan fa?

Takardar a nan dole ta rarrabe abu biyu da suke kama da juna a baki. Mai waswasi tunanin yana firgita ta. Tana ɓoye wuƙa, tana ƙin yi wa jariri wanka ita kaɗai, tana miƙa shi ga kakarsa don tsoron kanta, kuma ta san tunanin ba son ranta ba ne. Wadda taɓin hankalin jego ya kama kuwa yawanci cikin mako biyun farko ne, ba ta barci, magana tana warwatse, tana iya gaskata cewa jaririn ba mutum ba ne ko an umarce ta. Ta biyun gaggawa ce ta ranar, kamar yadda ke tambaya ta 7, kuma ba a barinta da jariri ita kaɗai. Ta farkon tana buƙatar a gan ta da wuri, amma raba ta da jaririn yakan ƙara mata cutar. A rubuta kwanakin haihuwa da ko tana shayarwa, domin zaɓin magani ya dogara da hakan. Satralin na cikin waɗanda aka fi zaɓa wa mai shayarwa.

9. Yaya takarda mai kyau take idan an haɗa duka?

Ga misali da aka ƙirƙira, ba na wani mutum na gaske ba: "Zuwa ga babban likita, sashen ƙwaƙwalwa. Ranka ya daɗe, ina roƙon a ga wannan malamin firamare ɗan shekara 27 cikin mako 2, saboda waswasin tsarki da ya tsananta duk da mako 16 na fulokzetin. Ya fara yana ɗan shekara 16 da maimaita alwala, yana iya rayuwa da shi. Wata 7 da suka wuce, bayan rasuwar mahaifinsa, ya ƙaru. Yana tsoron ragowar fitsari a jikinsa da tufafinsa. Yana minti 40 a banɗaki kafin kowace sallah, yana maimaita alwala sau 6 zuwa 8, yana canza wando sau 3 a rana, yana tambayar matarsa ko ta ga jiƙa. Jimla kusan awa 5 a rana, da awa 2 ne. Ya yi fashin aiki kwana 9 a watan jiya. Ya san tsoron ya wuce kima amma ya kasa bari. Y-BOCS 19 lokacin fara magani, yau 27.

"Fulokzetin miligiram 20 na mako 10, sannan 40 na mako 6, yana sha kullum, matarsa ta tabbatar. Bai taɓa shan wani ba, ba a taɓa yi masa koyon jurewa ba. Ba ya shan taramol ko wani abin maye. Bai taɓa yin lokacin rashin barci da zumuɗi ba, ba ya jin muryoyi. Yana da baƙin ciki na wata 2, ya ce wani lokaci yana jin gara mutuwa, amma babu niyya, babu shiri, bai taɓa gwadawa ba. Hannayensa sun tsage, ya rage kilo 4 saboda yana gudun shan ruwa. Gwajin fitsari, suga da na maƙoƙo lafiya. Ƙanwar mahaifiyarsa tana da irin wannan. Ina neman a tabbatar da cutar, a ba ni shawara ko in kai 60 ko a canza, a kuma haɗa shi da mai koyar da jurewa. Zan ci gaba da ganinsa duk mako 2. Ya karanta takardar ya amince."

Mai karanta wannan ya riga ya san cewa ba a kai ƙarshen fulokzetin ba, cewa baƙin cikin ya biyo bayan waswasin ne, kuma cewa matar tana cikin da'irar tambaya da amsa. Zaman farko zai tafi ne kan abin da za a yi.

10. Me ya kawo maganar matarsa a cikin takardar likita?

Domin abin da iyali ke yi da kyakkyawar niyya yana ciyar da cutar. Matar da ke amsa "babu jiƙa" sau 20 a rana, ƙanin da ke jawo ruwa jarka bayan jarka, uwar da ke wanke masa kaya daban, duk suna ba shi sauƙin minti biyar da ke ƙarfafa shakkar gobe. Likitan ƙwaƙwalwa yana son sanin wa ke yin me, don a rage shi a hankali da sanin mara lafiyar. Faɗa da gori ma a rubuta idan akwai. Gidan da ake ce masa "kai dai ka sa wa kanka" yana sa mutum ya ɓoye, ba ya sa ya bari.

11. An yi masa ruƙiyya, an kai shi wajen malami. A faɗa?

A faɗa, ba da raini ba. Likitan yana son sanin me aka ba shi ya sha, musamman sassaƙe da jiƙo, da kuma me aka gaya masa. Sau da yawa malamin abokin aiki ne. A fikihun Malikiyya akwai hukuncin wanda shakka ta aure shi, wato take zuwar masa kullum: an ce ya kau da kai daga gare ta, kada ya yi ta gyara. Akwai kuma hadisin da ya ce mai shakkar fitar iska a sallah kada ya juya sai ya ji sauti ko wari. Koyon jurewa kusan haka yake a aikace: mutum ya yi alwala sau ɗaya, ya tashi da shakkarsa, ya yi sallah, ya bar tashin hankalin ya sauka da kansa. Mara lafiya ya fi yarda ya gwada idan malamin da ya amince da shi ya ce masa sallarsa ta yi. Sai dai a lura, zagayen malamai da tambaya ɗaya shi ma maimaitawa ne, irin na tambaya ta 10.

12. Akwai gwajin da ake yi kafin a tura?

Babu gwajin jini ko hoton kai da ke nuna wannan cuta. Ana yin gwaji ne don kawar da wani abu ko don shirin magani: na maƙoƙo, na ciki ga mace, na fitsari da suga ga mai kukan ɗigon fitsari, na gishirin jini ga tsoho. Idan ana tunanin kulomifiramin, tsohon magani mai ƙarfi a kan waswasi, gwajin bugun zuciya yana da amfani, kuma ba a ɗora shi kan fulokzetin sai da umarnin ƙwararre domin fulokzetin yana ɗaga yawansa a jini. Rashin kuɗin gwaji kada ya tsare takarda.

13. An ba mu rana nan da mako shida. Me za mu yi kafin nan?

A ci gaba da magani, kada a yanke shi kwatsam, kuma a koma wajen likitan gida a ranakun da ya sa. Mutum yana hannunsa har sai an gan shi a can. Ga wanda bai kai shekara 25 ba, a sa ido sosai a makonnin farko bayan farawa ko ƙara magani, saboda a wannan lokacin tunanin cutar da kai yakan ɗan ƙaru ga wasu. Da azumi ana iya mayar da shan ƙwayar zuwa sahur ko buɗa-baki tunda sau ɗaya ce a rana. Yana da kyau a riƙa rubuta minti nawa banɗaki da alwala suka ci na kwana 7 kafin ranar, sai dai idan rubutun kansa ya zama sabon waswasi, to a bar wa wani ya ƙiyasta. A ɗauki hoton takardar a waya, a tafi da kwalayen magani duka. Idan wani abu na tambaya ta 7 ya bayyana, ranar da aka bayar ta faɗi.

14. Bayan an gan shi, likitan gida ya gama nasa?

A'a. Ya kamata amsa ta dawo a rubuce: sunan cutar, maganin da aka sa da yawansa, wa zai riƙa rubuta shi, yaushe za a sake gani, da alamun da za su sa a dawo da shi kafin lokaci. Wannan amsa ba ta cika zuwa da kanta ba, don haka mara lafiya ya roƙa a rubuta masa ko da layi biyar ne ya kai da hannunsa. Ana ɗaukar magani ya yi aiki idan makin Y-BOCS ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku; ga malamin misalinmu, daga 27 zuwa 17 ko 18. Idan an samu haka, ana ci gaba da sha aƙalla shekara 1 kafin a yi maganar ragewa, kuma a hankali ake ragewa. Idan magani biyu sun gaza bayan cikakken gwaji, ƙwararren na iya komawa kulomifiramin ko ya ƙara ɗan risferidon ko arififirazol a kai, kuma a lokacin likitan gida ne zai riƙa duba nauyi, suga da rawar jiki tsakanin ziyara da ziyara.